Darasin Randa

Malam Maharazu duba-gari ne a Faskari, irin mutanen nan da ba sa iya shan ruwa a gidan kowa sai sun leƙa cikin moɗa. A shekarar da amai da gudawa ya ɓulla a wajen Sabuwa, aka ɗora masa rubuta darussan ruwan sha, yana aika wa gidan rediyo a motar haya, ana karantawa kowace Alhamis da hantsi. Minti biyar kacal aka ba shi. Kuɗi sun cika gari a lokacin, kowane ƙauye da akwatin rediyo, amma rijiyoyin nan dai bakinsu a buɗe.

Hankalinsa yana Yargoje, inda mahaifiyarsa Dada take riƙon Suwaibatu, 'yarsa ta fari mai shekara huɗu. Don alkunya bai taɓa kiran sunan yarinyar ba, sai dai "waccan", amma ita yake gani duk sanda ya ɗauki alƙalami.

Darasi na uku ya zarce minti biyar. Ya faɗi yadda za a tace ruwa da tsaftataccen ƙyalle, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, a rufe ya huce. Layin ƙarshe kuwa cewa yake a zubar da tsohon ruwan randa, a wanke ta tas da tafasasshe kafin a zuba sabo. Maharazu ya soke layin, ya ce ai wannan darasi ne guda, ya bari sai mako mai zuwa. Har daɗi ya ji yadda aikin ya tsaru.

Dada kuwa, da ta ji an ambaci sunan ɗanta a rediyo, ta bi maganar sau da ƙafa. Ta ƙone karan da ta tara, ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta juye a randa a kan ragowar ruwan rijiya. Wace mace ce take bari randarta ta ƙafe? Tsoho shi ke sanyaya sabo, haka ta tashi ta gani.

Ran Talata ciwon ya kama yarinyar. Kafin Maharazu ya iso a kan babur da yammacin Laraba, an dawo daga maƙabarta.

Washegari da hantsi yana durƙushe a ɗakin Dada, sai rediyon maƙwabta ya fara darasi na huɗu, kalma bayan kalma kamar yadda ya rubuta. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta juya ta dubi randar da ke gindin bango.

"Maharazu, kai ka rubuta wanga?"

"Ni ne, Dada."

"Wancan makon ka san da shi?"

"Na sani."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya buɗe baki zai ce minti biyar. Sai ya ji kansa yana kiran "Suwaibatu", a gaban uwarsa, karo na farko.