Famfo Ɗaya a Sito

Aikina ƙiyasin kaya ne a wani kamfani mai sayar da kayan gyaran na'urorin asibiti. Ni ce nake cewa a ajiye abu kaza, guda nawa. Mijina yana kirana Malamar Duba, wai aikina gano gobe, kuma idan ya faɗa sai in harare shi, domin ni kaina na san ba goben nake gani ba.

Akwai wani famfo da muke sayarwa, na injin da ke tace ruwa a cibiyoyin wankin ƙoda. Idan ya tsaya, babu tsaftataccen ruwa, babu wanki. Cibiyoyi wajen ashirin ke saye a wurinmu, amma in ka buɗe tarihin cinikinsa a kwamfuta sifili za ka gani, sifili, sifili, har idonka ya gaji, can sai ka ga ɗaya. Da na zo aikin, ana ɗaukar cinikin makonnin baya-bayan nan ne a raba. Sai lissafin ya yi tsalle duk lokacin da aka sayi ɗaya, ya koma ƙasa idan an yi shiru, a daina odar kaya daidai lokacin da ake kwance ana cewa babu mai so. Ni na raba abin gida biyu: tazarar da ke tsakanin mai saye da mai saye daban, yawan abin da yake ɗauka daban, kuma ba a taɓa ko ɗaya sai ranar da aka yi ciniki. A kan haka na ce a riƙa ajiye biyar, duk wanda ya fita a yi odar madadinsa, domin masana'antar takan ɗauki wata uku kafin ta kawo. Oga ya yi ta mita, wai na mayar masa da sito ɗakin ajiyar kayan tarihi.

To, cikin wata biyu da 'yan kwanaki huɗu suka fita. Ba laifin kowa ba ne, haka irin wannan kaya yake, ya yi barci sannan ya taso a jere. Madadinsu na farko sai nan da mako uku, na nemi a turo ta jirgin sama suka ce ba a ma gama ƙera shi ba. Saura ɗaya a kan kantar sito.

Mijina kuma ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, a wata ƙaramar cibiya mai irin wannan famfon guda ɗaya tak. Tun da suka koma saura ɗaya nake shiga sito kowace safiya in dube shi, har Dogo mai sito ya fara tsokanata, wai ko in saka masa suna ne.

Ranar Talata da hantsi aka buga waya. Injiniyan wata cibiya mai nisa ne. Famfonsu ya ƙone tun da safe, an sallami masu wanki, wasu sun taho daga ƙauye, kuma cibiya mafi kusa da su cike take. Ya ce ya riga ya taso da direba, famfon yana nan dai?

Na ce masa bari in duba, alhali kuwa na san abin da ke nan kamar yadda na san tukwanen kicin ɗina.

Wallahi tsoro ya kama ni. Na buɗe kwamfuta kamar za ta ba ni wata amsa. Ciniki huɗun nan sun ja tazarar ta sauko daga wata ɗaya da rabi zuwa wajen wata guda. Ke nan yiwuwar wani ya sake nema kafin kaya su iso kusan rabi da rabi ce. Yiwuwar ya zama cibiyar mijina ce, idan aka raba tsakanin ashirin, uku ko huɗu cikin ɗari. Ƙaramin abu ne. Da mijin wata ne, da na ce mata haba ki kwantar da hankalinki. Amma lissafin bai san rana ba, bai san wace cibiya ba, bai taɓa jin ƙarar famfon kowa ba. Matsakaici kawai yake bayarwa, ni kuwa ba matsakaicin miji gare ni ba.

Na tashi na shiga sito. Dogo ya dubi fuskata ya daina wasa. Ya san halin da gidana ke ciki, don shi ya taɓa kai mu asibiti a motar kamfani. Ya rage murya ya ce ai ana iya mayar da kwalin layin kayan da ke jiran bincike, babu mai tambaya har sai sababbi sun zo.  Na dafa kwalin, ina tunanin yadda fuskar mijina take kumbura idan wanki ya yi jinkirin kwana guda, yadda yake kwana a zaune yana neman numfashi.

Na kira shi. Ban so ba, amma na kasa ɗaukar abin ni kaɗai. Yana gida yana gyaran rediyo, na ji ƙarar sukurdireba yana faɗuwa. Na gaya masa komai, har da uku ko huɗu cikin ɗarin. 

"Namu ya lalace ne?" ya ce.

"A'a."

"Nasu fa?"

"Ya ƙone."

"To me kike tambayata, Maman yara?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi komai sauƙi ne a wurinsa, ni za a bari da yara da fargaba. Ya yi 'yar dariyar nan tasa mai ban haushi, amma na ji muryarsa ba daidai take ba, shi ma tsoron yake ji. Ya ce in sayo masa batir in zan dawo.

Da azahar injiniyan ya iso, rigarsa jiƙe da gumi. Ni da kaina na sa hannu a takardar fitar da kaya. Yana ta godiya yana sa albarka, ni kuwa ko kallonsa ban iya yi ba, domin a lokacin haushinsa nake ji, shi da marasa lafiyarsa da ban sani ba. Dogo ya ɗora masa kwalin a bayan mota. Na koma tebur na shigar da ɗaya a layin ranar, na yi odar madadi, na kira Oga na ce daga yanzu bakwai za mu riƙa ajiyewa, in ya ga dama ya yi ta mitarsa. Ya ce to. Sai dai ƙarin ma wata uku ne.

Da can sifilin nan shi ne ciwon kaina a aiki. Yanzu shi nake roƙo. Duk wayar da aka buga a ofis sai gabana ya faɗi, in ji ashe tiyo ake nema ko matatar ruwa, sannan in sauke numfashi. Laraba ta wuce da sifili, Alhamis ma haka.

Ranar Juma'a na ɗauki izini na raka mijina wanki. An jona shi, ya lumshe ido, na fito baranda na zauna kusa da ɗakin tace ruwa, inda ake jin injin ta bango. Sai ga Sista babbar ma'aikaciyar jinya ta fito da kofin shayi a hannu. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta yaba mayafina. Har ta juya za ta tafi sai ta dawo.

"Yauwa, gara da na gan ki. Mai gyaranmu ya ce ƙarar famfon nan ta canza tun makon jiya, da wuya ya kai ƙarshen wata. Na ce masa kada ya damu, matar mutuminmu ce a wurin. Kuna da shi dai ko?"

Ta cikin gilashin ƙofa ina hango mijina a kwance, jininsa na zagayawa a cikin tiyo. Sista tana tsaye tana busa shayinta, tana jiran in amsa.