Rumbunan da Ke Cikin Hoto

Shekara ta biyu ke nan damina na yi wa ƙasar Gobir rowa. Gero ya bushe a tsaye. Duk mai sauran dami a rumbu ya koyi kama bakinsa, don 'yan bindiga har cikin kasuwa suke da kunne.

A shagonta na garin Isa, Saude na gaban kwamfuta. Ita ke haɗa wa ƙungiyar manoman Tozai shafin intanet, wanda shugabansu Alhaji Kalilu ke son a buɗe ran Jumma'a, ko masu tallafin iri su gani su taimaka. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa son a gani a yaba. Shi ya bi gida-gida da wayarsa yana ɗaukar hoton rumbuna masu hatsi, kowane da sunan mai shi da lambar wayarsa, wai a san su ba ragwaye ba ne. Ita ma ta ɗora su a shafin gwaji ba ta yi tunani ba. Sai yau da ta buɗe bayanan wani hoto, ta ga ashe wayar ta liƙa wa kowane ainihin wurin da aka ɗauke shi. Har da rumbun babanta, Malam Yero.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta rubuta wa Alhaji Kalilu:

"Baba Alhaji, ku yi haƙuri, shafi ba ya buɗuwa Jumma'a. Hotunan na nuna inda kowane rumbu yake. Za ni goge wannan bayani, in cire sunaye da lambobin mutane, in bar lambar ofis kaɗai. Sannan in gwada shi a ƙananan wayoyi, in haɗa shi da adireshinku na dindindin. Adireshin gwajin da na turo maku, don Allah kar kowa ya gani."

Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, da hayaniyar kasuwar Bafarawa a bayansa.

"Ɗiyata, mi kike faɗi haka? Ai tun shekaranjiya na tura shi zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Kowa na ta sa albarka."

Nan take Saude ta kulle shafin gwajin da kalmar sirri, abin da ya kamata ta yi tun farko. Amma hoton da ya riga ya sauka a wayar wani, ba mabuɗin da ke dawo da shi.

Ta kira babanta.

"Lafiya lau muke," in ji Malam Yero, muryarsa har da fara'a. "Aikinki ya fara ci, Saude. Ɗazu wani baƙo ya kira ni, ya ce ya ga rumbuna a waya. Ya tambaya ko hatsin na nan, na ce yana nan."

"Baba, ya faɗi sunanai?"

"A'a. Ya dai ce kar in damu da kwatance, ya san gidan."