Layi na Biyu a Takardar Hureira

A shekarar da sojoji suka yi ta bore a Bangui, yau a yi harbi gobe a yi sulhu, matan adashen unguwar Yakité suka yanke shawarar sayen injin niƙa. Sun gaji da ɗaukar rogo da masara zuwa injin nesa, a dawo da su daga hanya saboda an tare titi. Kuɗin da suka daɗe suna tarawa ya kusa miliyan biyu na sefa, kuma a cikinsa har da na matan da mazajensu suka rasu, waɗanda ba su da wata ajiya bayan wannan.

Hureira ce sakatariya, don ta yi boko kuma ba ta da saurin kuka. Ita aka ɗora wa nemo farashi daga wurare uku. Ta samo na wani babban kanti a tsakiyar gari, ta samo na Alhaji Abdulganiyu mai kayan ƙarfe a Kasuwar Kilomita Biyar. Na ƙarshe kuwa ba ta nema ba, shi ya same ta tana kwasar tuwo. Mijinta ne, Ɗan'azumi, mai kawo kaya daga Duwala, mutumin kirki wanda bai taɓa yarda cewa alkawari yana buƙatar rana ba.

"Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku," in ji shi. "Je ki duba ko akwai wanda ya kai ni sauƙi."

Babu kuwa. Kantin gari ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, Alhaji Abdulganiyu ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Hureira ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce ga ciniki ya zo gida kuma ba wanda zai zarge ta.

Sai ta ɗauko babbar takarda da rula ta raba ta gida-gida. Kowane mai kaya da layinsa daga sama zuwa ƙasa, a gefe kuma ta jera tambayoyi huɗu: nawa, yaushe za a kawo, garanti, yadda za a biya. Takardun mutum biyu suka cike gurabensu. Layin maigida kuwa farashi ne kawai a sama, ƙasa fayau.

Ta same shi da rana yana sauraren rediyo, ta durƙusa da biro a hannu.

"Maigida, kuɗin nan har da mota da duwan, wato kuɗin kwastan?"

"Farashin Duwala ke nan. Mota da duwan ai kowa ya san daban suke."

"Yaushe zai iso?"

"In hanya ta yi kyau."

"Garanti fa?"

Ya rage muryar rediyo ya dube ta. "Ni ne garanti. Ba a gidan nan nake kwana ba?"

"To, biya?"

"Duka a gaba. Da me zan sayo?"

Ta rubuta kamar yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Washegari ta je wajen wani mai fitar da kaya daga kwastan da wani direban babbar mota, suka kimanta mata abin da injin zai ci kafin ya taka Yakité: kusan dubu ɗari huɗu da hamsin. Da ta haɗa, sai ta ga arahar maigida ta narke. Dubu hamsin kacal ya fi Alhaji Abdulganiyu sauƙi, alhali injin Alhaji yana ajiye a sito, zai kafa shi cikin mako biyu, garantin wata shida da makanikensa, rabin kuɗi ran da injin ya tashi, rabi bayan wata uku. Hureira ta sake lissafin ko Allah zai sa ta yi kuskure, amma ba ta yi ba, kuma ranta ya ɓaci sosai.

Saura sunaye a saman layuka. Nan ta tsaya, don macen da ta san kunya ba ta kiran sunan mijinta, ita kuma a taro dole ta karanta da baki. Sai ta sa ɗaya, biyu, uku, layin maigida a tsakiya, ta huta.

Aka taru a tsakar gidan shugaba, Hajiya Zuwaira, mace mai kaifin harshe, wadda kuma ita ce yayar Ɗan'azumi uwa ɗaya uba ɗaya. Hureira ta manna takardar a jikin ƙofa ta karanta. Na ɗaya bai daɗe ba: garantin shekara guda, kawowa cikin mako, biya duka ran da aka kawo, amma ya fi tsada, kuma Amariya mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu, ta ce kantin da ke sauke ƙofa da an ji harbi, wa zai same shi ran da inji ya tsaya?

Da aka zo na biyu, Hajiya Zuwaira ta gyara zama.

"Sake karanta mini garantin nan."

"Ya ce shi ne garanti, Yaya," in ji Hureira, idonta a kan takarda.

"Shi ne? To in bel ya tsinke shi za mu ɗaura a jikin injin?" Mata suka fashe da dariya. "Kuma mu ba shi kuɗinmu duka, ya kama hanyar iyaka ta Garwa-Bulai a wannan zamani, mu zauna jiran hanya ta yi kyau. Wannan ko uwarsa ba za ta ba shi ajiya ba. Wallahi a gidanmu ba a haifi irinsa ba."

Aka ɗaga hannu, na uku ya ci ba hamayya. Hajiya tana share hawayen dariya ta ce, "Yanzu faɗa mana, wane ne wannan na biyun, mu san shi mu riƙa kauce masa?"

Hureira ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ba ta ce komai ba, kuma duk macen da ke wurin ta san mutum ɗaya ne a duniya ake yi wa wannan shirun. Dariya ta ɗauke. Hajiya Zuwaira ta dafe kai, ta gane ƙanenta ne.

Amariya ce ta fara lallashi. "Ai dubu hamsin ma kuɗi ne. Mu ba na gida mana, don darajar sakatariya." Wasu suka ce haka ne, har hannuwa sun fara tashi.

"A'a," in ji Hureira. "Kun zaɓa kafin ku sani. A bar shi haka."

Labari ya riga ta isa gida, kamar yadda aka saba a Yakité. Ta tarar da maigida zaune, abinci a rufe a gabansa bai taɓa ba.

"An ce Yaya ta ce a ɗaura ni a jikin inji."

"Ba ta san kai ba ne."

"Ke kin sani. Ko ɗan ragi ba ki yi mini ba."

"Na yi maka. Na cire sunanka."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Can ya ce, a hankali, "Da kuɗinki ne ke kaɗai fa?"

"Da na ba ka duka, ban tambaye ka yaushe ba," ta ce. "Amma akwai na Amariya a ciki, kuma ita ba ta da wanda zai ce mata shi ne garanti."

Ɗan'azumi ya jawo kwanon ya buɗe, ya ce ta miƙo masa ruwan wanke hannu.