Gumin Kofi

Zuwan farko, mai duba ɗaliban koyarwa ta kayar da wata malama mai koyon aiki da magana ɗaya: “'Yata, yaran nan ba kayan gwaji suke bincika ba, fuskarki suke bincika.” Gaskiya ce. Duk wanda ya kusa amsa sai ta yi murmushi, wanda ya kauce sai girarta ta motsa. An koya mata kame baki, ba wanda ya ce mata fuska ma tana da surutu.

Yau zuwa na ƙarshe ne. In ta sake faɗuwa, sai ta maimaita shekara.

Ta ajiye wa kowane rukuni kofin ƙarfe cike da ruwan ƙanƙara. A teburin gaba ta jera tawada, murfi da farin ƙyalle.

“Ruwan da ke jikin kofin nan ta waje, daga ina ya fito? Ku gano.”

Ta koma bayan aji, ta tsaya inda sai an waiwaya za a gan ta.

“Yoyo yake,” in ji Dogo, ɗan kujerar baya. “Malama ta sayo mana na araha.”

Aka yi dariya, aka kuma yarda, har wasu sun fara rubutawa. Kawuna suka juyo neman fuskarta. Ta dubi ƙasa. Amsar tana ƙuna a bakinta, tana kuma jin ƙarar biron mai duban.

Can wata da ake kira Ƙarama ta tashi, ta ɗiga tawada a kofi, ta rufe, ta goge jikinsa tas. Suka jira. Da gumin ya dawo ta shafa farin ƙyalle. Ya jiƙe, babu ɗigon shuɗi.

“Ƙarfen ne ya tace,” Dogo ya dage.

“To zuba ruwan famfo mu ga yoyon, sarkin sani,” in ji Ƙarama.

Aka zuba. Kofin ya zauna a bushe.

“Ba daga ciki ba ne,” Ƙarama ta ce a hankali. “A waje kuma ba komai sai iska.”

Ƙararrawar hutun tara ta kaɗa. Malamar ta ɗauka ta sake faɗuwa: lokaci ya ƙare, ba ta bayyana komai ba. Amma ba wanda ya motsa.

“Malama, don Allah,” in ji Dogo. “Akwai ruwa a iska?”

Sai a nan ta fito gaba. Ta ce akwai, tururi ne da ido ba ya gani. In ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa.

Da aka watse, tsohuwar mai duban ta zo ta shafa kofin, ta dubi yatsanta.

“Kin ci musu lokacin tara, na rage miki maki.” Ta rufe biro. “Amma yau kofin suka kalla. Kin haye.”