Shaidar Labbo a Bakin Malami

A shekarar farin da ta biyo bayan canjin kuɗi, gona ɗaya tak ta yi dawa a fadamar Tozai, ta Na'Allah. Saura kwana goma a yanke, shanu suka shiga da asuba suka yi mata ƙarƙaf. Aka kama Illo, wani makiyayi da fari ya bar wa shanu biyar, aka kai shi gaban majistaren da ke zuwa zama a Isa.

To, majistaren nan ba ya jin Hausa, balle Fillanci. Kunnensa da bakinsa duk Malami ne, tafintan kotu. Shi kuwa Malami a gidan Na'Allah ya tashi, kawunsa ne, shi ya sa shi boko. Ka ji inda gizo ke saƙar.

Shaida ɗaya ne, Labbo, wani tsoho mai kiwon tumaki. Ana gobe za a zauna, Na'Allah ya tari Malami bayan la'asar. Ya ce ai kowa ya san Labbo, ko sunansa ka tambaye shi sai ya yi jim kafin ya amsa, kuma a takardar 'yan sanda an riga an rubuta ya ga shanun Illo. Ba ƙarya yake nema ba, a dai sheƙe ƙaiƙayin maganar a miƙa wa alƙali tsaba. In ba a ɗora wa Illo laifin ya biya ɓarnar ba, baki goma sha ɗaya na gidansa ba su da abin kaiwa damina.

Malami ya sunkuyar da kai. Yana son kawun nan nasa ƙwarai, kuma ya san rumbun gidan wayam yake.

Da safe, kafin a fara, Malami ya gaya wa majistare cewa mai ƙara kawunsa ne. Babu wani mai Fillanci da Turanci a kusa, sai majistare ya sa a tambayi Illo ko ya yarda Malami ya yi tafinta. Illo ya ce ya yarda, Allah na gani. Aka rantsar da Malami zai fassara tsakani da Allah. Labbo ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani.

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye shi shanun wa ya gani.

Labbo ya daɗe yana duban yatsun ƙafarsa. Can ya ce da Fillanci, "Na ga shanu... huɗu, ko shida. Gari bai gama wayewa ba. Akwai wata ja, kamar dai ta Illo. Kamar. Amma bana yunwa ta mai da shanu duk kama ɗaya. Ina zato tashi ce... a'a, kada in ce haka. Ban matsa na ga tsagar kunnenta ba."

Wallahi da Malami ya ce "na ga jar saniyar Illo," babu mai kama shi. Sai ya fara, da "na ga," kamar shi ne Labbo. Inda tsohon ya tsaya ya tsaya, ya faɗi huɗu ko shida, ya maimaita "kamar" sau biyu, ya kawo zaton, ya kawo janye shi. Majistare yana bi da alƙalami.

Mai gabatar da ƙara ya ɗaga takardarsa, ya ce ba haka shaida ya faɗa musu ba. Malami ya mayar wa Labbo, Labbo ya ce haka ya faɗa, bai dai san abin da suka rubuta ba, shi yatsa kawai ya dangwala. Aka karanta masa abin da majistare ya rubuta, Malami yana mayarwa Fillanci, ya ce i, wannan maganarsa ce.

Na'Allah bai san ko bihim da Turanci ba, amma ya ji ɗan 'yar'uwarsa yana tsayawa daidai inda Labbo ya tsaya. Ya gane.

Majistare ya ce ba a hukunta mutum a kan zato, ya sallami Illo.

Ranar Juma'a Malami ya hau keke zuwa Tozai da rabin buhun gero. Ya jingine keken zai kutsa cikin gida yadda ya saba, sai Na'Allah ya fito ya tare shi a zaure, fuska ba yabo ba fallasa. Ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Geron kuwa bai ko dube shi ba.

Malami ya ce, "Kawu, rantsuwa ni yi. Abin da Labbo yac ce shi ni hwaɗi."

"Na sani," in ji Na'Allah. "Ba ka yi ƙarya ba."

Ya juya ya ɗaga murya wajen matarsa, wadda ta goyi Malami a bayanta.

"Kande, kawo ruwa. Mun yi baƙo."