Wutsiyar Saƙo

Alhaji Yazid mai shagon irin shuka a Kaura Namoda mutum ne mai saurin yanke hukunci. Idan ya ce gobe zai yi abu, to ka tabbata ya riga ya yi rabinsa tun jiya a cikin ransa. A bana ya kawo sabon irin gero mai saurin nuna, ya sa aka buga lambar waya a jikin kowace leda, aka rubuta cewa duk wanda ya shuka ya aiko da ra'ayinsa. Da kaka ta yi sai wayar ta cika dam, saƙo ɗari da arba'in, wasu a rubuce, mafi yawa kuma na murya.

Ranar Litinin ya miƙa wa Malama Fauziyya wayar. Ita ce mai kula da ofishin shagon shekara shida ke nan.

"Shahi ɗaya nika so," in ji shi. "Ki rarraba man su gida-gida, kowane da yawan masu hwaɗinai, ki sa ɗan misali ƙarƙashi. Laraba nika son shi, don ranar zan kira Idi in amshe makullina. Duk sadda na leƙa wayar ga, sunanai nika gani."

Fauziyya ta san shi sarai. Idi shi ne wakilinsu na Zurmi, dattijo mai 'ya'ya bakwai, wanda ba shi da wata sana'a sai shagon da Alhaji ya ba shi riƙo a can. Bai taɓa zuwa Kaura bai kawo mata ko ƙullin aya ba. Amma aiki aiki ne, ta ɗauki waya da biro ta zauna.

Bazamfare ba ya shiga magana ta ƙofa, sai ya zagaya gidan sau uku. Kowane saƙo da sallama yake farawa, sai gaisuwar iyali, sai gajiya, sai ruwa, sai addu'a ga Alhaji da iyayensa. Kafin azahar Fauziyya ta amsa "lahiya lau" a zuci ya fi sau ɗari. Don haka ta samo dabara: da zarar ta ji mutum ya ce "iri ya yi kyau, mun gode," sai ta ja layi a gidan godiya ta wuce na gaba. Kafin la'asar ta gama, tana jin kanta kamar wadda ta ƙirƙiro injin nika.

Godiya, tamanin da takwas. Kuka da Idi, talatin da ɗaya. Tsada, goma sha biyu. Sauran tarkace, tara. Ta haɗa, ɗari da arba'in cif. Lissafi ya yi kyau, ranta kuwa ya ɓaci, don takardar nan wuƙa ce a wuyan Idi.

Ta tafi da wayar gida don ta tsamo misalan da za ta sa. Mahaifiyarta, Inna Rekiya, tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Fauziyya ta kunna wani saƙo, wani tsoho ya gaishe da kowa har da awaki, ya ce gero ya yi kyau, Allah ya saka. Ta danna ta tsayar.

"Mi ya sa kinka katse mai baki?" in ji Inna, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ya gama, Inna. Godiya ya yi."

"Ke dai an yi asarar kuɗin boko. Wa kinka taɓa gani ya zuba kati don shi ce sannu? Wanga ko tabarma bai shimfiɗa ba. Bar shi shi ida."

Fauziyya ta murguɗa baki ta sake kunnawa. Tsohon ya yi gyaran murya, ya sake godiya, sannan ya sassauta murya kamar mai neman aro. Ya ce ba ƙara ya kawo ba, Allah ya kiyaye, amma geron nan ya riga na maƙwabta nuna da wajen sati uku, tsuntsayen duniya duk gonarsa suka sauka. Abin da ya samu bai kai rabin na bara ba. Ya rufe da cewa a gaida Alhaji.

Ta buɗe na gaba, ta bar shi ya kai ƙarshe. Tsuntsu. Na gaba, tsuntsu. Kunya ta rufe ta, irin wadda take sa mutum ya ji zafi a kunnuwa. Inna kuwa sai tsintar wakenta take tana murmushi.

"Ubanki haka shike," ta ce. "Sai ya yaba miya tukuna kana in ji gishiri ya yi yawa."

Washegari Talata Fauziyya ta yaga takardar jiya ta faro daga tushe. Ta ja sabon jadawali, kowane saƙo da layinsa: lambar waya, gari, abin da aka ce, da ɗan guntun magana kamar yadda ta fito daga bakin mai ita. Ba ta ba gidajen suna ba sai da ta ji duka, don ta gane jiya ta gina ɗaki ne kafin ta san baƙin. Wanda ya ambaci abu biyu ta sa shi a gida biyu. Ta sha gaisuwa har wuya, amma ba ta sake katse kowa ba.

Da ta iso kan saƙonnin Idi, layin lambobin waya ya nuna mata abin da ba ta lura da shi ba jiya. Lamba ɗaya ce ke ta maimaita kanta. Ta ƙirga, ashirin da shida cikin talatin da ɗaya. Ta sake karanta su a jere. "Wakilinku na Zurmi barci shika yi bisa buhu." "Idi ya ci tuwona bai wanke hannu ba." "A canza muna Idi, hancinai ya tare ƙohwar shago." Jiya da take sauri, sunan kawai take gani ta ja layi.

Ta kira lambar. Wani mai ƙatuwar murya ya ɗauka, ya ce shi ne Kamalu mai gyaran babur a kasuwar Zurmi. Ta ce daga shagon Alhaji Yazid ne, game da ƙorafinsa. Sai da ya yi dariya har da tari.

"Ashe ana karantawa! Malama, Idi taubashina na, ɗan gwaggota. Ni ko gona ban da. Leda na tsinta a shagonai, kullum in na rubuta sai in nuna mai, shi ko shi ce in ya kama ni sai ya sayar da ni."

"To wasanka ya kusa raba shi da shago. Gobe Alhaji zai amshe makulli."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe janareta. "Don Allah Malama, ki rufa man asiri. In Gwaggo ta ji, na shiga uku."

Sauran saƙo biyar ɗin kuwa na gaske ne, daga mutum biyar daban-daban: sun je shago da safe a watan Agusta sun tarar da shi a rufe. Ta daɗe tana kallonsu. Tana iya tura su gidan tarkace, ba wanda zai sani. Ta tuna ayar Idi, ta kuma tuna cewa takardar da aka yi wa kwalliya ba ta da amfani ga kowa. Ta ba su gidansu, ta rubuta biyar.

Ranar Laraba Idi ya iso tun da hantsi cikin rigarsa ta Juma'a, ya zauna a benci a waje da makulli a hannu. Alhaji ya sa tabarau ya karɓi shafin. A sama ta rubuta cewa saƙo ɗari da arba'in ne daga mutum ɗari da goma sha biyar, kuma mutane ta ƙirga, ba saƙo ba. Wasu sun shiga gida biyu, don haka jimillar za ta ɗara yawan mutanen. Ba ta sa sunan kowa a misalan ba, sai gari.

Tsuntsaye sun ci gero don ya riga na maƙwabta nuna: mutum hamsin da biyu. "Gonata kaɗai tan nuna, jan-baki sunka yi walima." Badarawa.

Godiya zalla: talatin da shida. "Mun ci sabon gero tun maƙwabta na awo." Shinkafi.

Tsada, ko a yi ƙaramar leda: goma sha tara, bakwai daga cikinsu suna cikin masu kukan tsuntsu.

Shagon Zurmi a rufe da safe: biyar. "Sau biyu ina zuwa, kwaɗo nika iskewa."

Sauran batutuwa: tara. An ware: mutum ɗaya, saƙo ashirin da shida, taubashin Idi ne, bai sayi iri ba.

Alhaji ya karanta layin ƙarshe sau biyu, ya tambayi me taubashin ya ce. Ta karanta masa na hancin. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gemunsa ya ci amanarsa.

Sannan idonsa ya koma sama, ga misali na biyu da ta sa a ƙarƙashin tsuntsaye, wanda ta rubuta Banga a gefensa: "Ba ƙara na kawo ba, yaron kirki na, amma bana sai mun sayi hatsi."

Ya cire tabarau. "Kunna man wanga."

Ta kunna. Tsohon nan ne da Inna ta hana a katse. Alhaji ya saurara tun daga gaisuwar awaki har zuwa "a gaida Alhaji," bai motsa ba.

"Baffana na," ya ce a hankali. "Ni na kai mai irin da hannuna. Juma'ar da ta wuce na gaishe shi, ya ce man alhamdulillahi."

Ya sa aka shigo da Idi. Ya tambaye shi ina yake zuwa da safe a watan Agusta. Idi ya dubi ƙasa ya ce gonakin mutane, yana taya waɗanda ya sayar wa iri ɗaura igiya da gwangwanaye don korar tsuntsu, tunda shi ya ce su saya.

"Mi ya hana ka hwaɗa man?"

"Na kira ka, ranka shi daɗe. Munka gaisa, na ce iri ya yi kyau, ka ce madalla, ka kashe waya."

Fauziyya ta duƙar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Idi ya matso ya ajiye makulli a kan tebur da hannu biyu. Alhaji ya dube shi, ya tura masa abinsa da ɗan yatsa.

"Mai da aljihu. Ka ce ma Kamalu ina neman shi." Ya jawo kujera kusa da tasa. "Zauna, Idi. Hwaro man daga gaisuwa, ba ni zuwa ko'ina."