Rigar Ɗan Disamba

Kowace shekara sai na rage wa autana rigar ƙwallo a keken ɗinkina. Kulob ɗinsu da shekarar haihuwa yake raba yara, daga ɗaya ga Janairu. Shi kuwa a ƙarshen Disamba na haife shi, sai ya faɗa cikin waɗanda suka ba shi kusan shekara, suna ture shi kamar buhun auduga.

Yana shekara sha uku koci ya tace 'yan wasa.

"Yana da ƙafa, Mama, jiki ne babu," in ji kocin, kamar a kasuwa ake sayo jikin.

Manyan suka samu horo kullum da gasa. Nawa ya samu benci, daga baya ya dawo gida.

Bana ya miƙe kamar rake. Na farke ɗinkin rigarsa ta ƙarshe, ta zauna masa cif, ya koma gwaji.

Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi.

"Wai yanzu akwai jiki, amma sun yi min nisa."

Ya cire rigar, ya ninke ta, ya ɗora a kan keken.

"Mama, ki rage wa wani."